Me ya sa hoton WhatsApp ba ya dannuwa a kundin farashina?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a Tudun Wada, Zariya. Na biya wani yaro ya haɗa mini kundin farashi na PDF, har da bango mai kyau. Amma kwastomomi sun ce in sun taɓa hoton WhatsApp ba abin da ke buɗewa. Shi kuma ya ce wayoyinsu ne. In sake biya?

Amsa: Hajiya, kafin ki sake fitar da ko sisi, buɗe kundin a wayarki, ki ɗora yatsa a kan farashi guda ki ɗan riƙe. In rubutun bai zaɓu ba, da alama abin da aka ba ki hotuna ne aka jera cikin PDF, kuma babu wayar da za ta danna mahaɗin da babu shi.

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, kuma tana ɓata mini rai, domin kullum mai saye ake ɗora wa laifi. Mutane sun ɗauka da zarar rubutu ya yi shuɗi, ko an manna tambarin WhatsApp, shi ke nan ya zama mahaɗi. Mahaɗi adireshi ne da ake ɓoyewa a ƙarƙashin hoton, kuma wajen fitar da fayil yake mutuwa. A Canva, manhajar da ake zana irin wannan kundi, in an sauke shafukan a PNG ko JPG sannan aka mayar da su PDF, ya tafi. In an zaɓi Flatten PDF, nan ma ya tafi. A Word kuma, fitarwa ta Microsoft Print to PDF ke kashe shi. Wanda ya karɓi kuɗin mutum bai ko gwada aikinsa ba, bai kyauta ba.

Ki ce wa yaron ya buɗe asalin aikin, ya zaɓi hoton, ya danna Ctrl+K, ya sa wannan:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Lambarki ce bayan 234, amma a cire sifilin farko, ba alamar +, ba tazara. Mai farawa da 0803 za ta koma 234803. Sai ya sauke ta PDF Standard a Canva, ko Save As ya zaɓi PDF a Word. A maimaita mahaɗin a ƙasan kowane shafi, don wadda ta ga leshi a shafi na 6 ba za ta koma farko nema ba.

Bangon kuma kada a cika shi da ado: sunan shago, unguwa da layi, lambar waya a rubuce ƙarara, da ranar da aka sa farashin. Ranar nan ita ke raba ki da gardama in kaya sun tashi alhali tsohon kundi na yawo a wayoyi.

Kafin ki tura wa kowa, aika wa wata wayar ta WhatsApp, ki danna kowane mahaɗi da kanki. Kuma ki karɓi asalin fayil ɗin da ake gyarawa, don ki riƙa canza farashi ba sai kin neme shi ba.