Ruwan wata-wata ko na kowane lokaci: wanne ya fi ci?

Tambaya: Ina sayen riɗi a kasuwar Maigatari. Wurare biyu sun yi mini tayin rancen naira 500,000 a kan kashi 24 cikin ɗari a shekara, ɗaya yana ɗora ruwa kan uwar kuɗi duk wata, ɗayan ya ce nasa lissafin ba ya tsayawa ko na daƙiƙa ɗaya. Wannan na biyun ba zai cinye mini jari ba?

Amsa: Alhaji, na biyun ya fi tsada, amma ba kamar yadda kake tsoro ba. Kashi 24 ɗin da ke kan takarda na suna ne kawai, domin da zarar an haɗa ruwa da uwar kuɗi, shi ma ruwan sai ya fara haifar nasa ruwan.

A tsarin wata-wata ana raba 24 gida 12, wato kashi 2 kowane wata. Watan farko ruwan naira 10,000 ne, na biyu kuwa 10,200, saboda bashin ya riga ya zama 510,000. Lissafin shekara shi ne (1 + 0.24/12)^12 − 1, wanda ya ba da kashi 26.82, don haka idan ba ka biya komai ba har shekara ta zagayo, za a bi ka naira 634,121.

A ɗaya tsarin, ko da yake ana ɗora ruwan ba ƙaƙƙautawa, abin da ake ɗorawa kowane karo yana ƙanƙancewa gwargwadon yawan ɗorawar, shi ya sa jimillar take da iyakar da ba ta wucewa. Iyakar ita ce e^0.24 − 1, inda e lamba ce da ta kai kusan 2.718, kuma za ka same ta a kalkuletar wayarka. Amsar kashi 27.12 ce, wato naira 635,625. Tazarar duka naira 1,504 ce a shekara guda.

Inda nake so ka yi hattara shi ne idan ruwan ya yi yawa, domin tazarar tana buɗewa da sauri. A kan kashi 60 a shekara, wato 5 duk wata, na wata-wata yana komawa 79.59, ɗayan kuma 82.21, bambancin ya haura naira 13,000.

A naka lamarin, idan ɗayansu ya caje ka kuɗin buɗe fayil na kashi 1 kacal, naira 5,000 ke nan, ya ninka waccan tazara ta naira 1,504 fiye da sau uku. Saboda haka ka nemi kowannensu ya rubuta maka jimillar abin da za ka biya, har da caje-caje, da ranar da za ka biya shi. Batun halaccin kuɗin ruwa kuwa, na san yana ranka, ka kai shi gaban malamai. A cinikin murabaha na bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, ana yanke riba tun ranar ƙulla ciniki, ba ta kuma hayayyafa.