Saƙona yana isa wurin Mama da akwatuna: in canza mata waya?

Tambaya: Mahaifiyata ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, kuma tana karatun boko sarai. Amma in na tura mata tes, sai ta ce wasu haruffa sun zama 'yan akwatuna, wani lokaci kuma saƙon ya zo rabi-rabi. Zan saya mata sabuwa. Wace iri zan nema?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya yi miki albarka da kula da mahaifiya. Amma kada ki yi saurin fitar da kuɗi, domin matsala biyu ce kika haɗa, kuma ɗaya daga cikinsu a hannunki take, ba a wayar Mama ba.

Mu fara da rabewar saƙo. Tes yana tafiya ne a cikin ma'auni ƙayyadadde. Idan duk haruffan da kika rubuta suna cikin jerin da ake kira GSM, wato baƙaƙen boko na yau da kullum da lambobi da alamomin rubutu kaɗan, saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160. To amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa cikin wannan jerin. Da zarar ɗaya tak daga cikinsu ya shiga, wayarki za ta mayar da saƙon gaba ɗaya zuwa tsarin Unicode, inda kowane harafi ke cin wuri fiye da ninki biyu, sai ma'aunin ya faɗo zuwa 70. In saƙo ya wuce ma'auni a yanka shi gida-gida, kuma kowane yanki sai ya ba da ɗan wuri na alamar da za a sake ɗinke shi da ita, shi ya sa yankin ke komawa 153 a tsarin farko, 67 a na biyu.

Ga misali. A ce kin rubuta: "Mama, direba zai zo ƙarfe tara na safe ya kai ki asibiti. Ki ɗauki katinki da maganin da ya rage." Na ƙirga shi, harafi 97 ne har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Saboda ƙ ɗin "ƙarfe" da ɗ ɗin "ɗauki", zai tafi a matsayin saƙo biyu, a caje ki kuɗin biyu, kuma wuƙar za ta faɗa daidai bayan "Ki ɗauki". Idan yanki na biyu ya makara a hanya, ko wayar ba ta iya ɗinki da kyau ba, Mama za ta zauna tana tunanin me aka ce ta ɗauka. Ki cire lanƙwasar nan biyu, ki rubuta "karfe" da "dauki", sai ya tafi a saƙo ɗaya, har da ragowar wurin harafi 63. Imoji ma haka yake yi, da kuma lanƙwasasshiyar alamar nan (’) da wasu manyan wayoyi ke sakawa da kansu a madadin miƙaƙƙiya ('). Ki riƙa kallon ɗan lissafin da ke fitowa a gefen wurin rubutu. In kin ga ya zabge farat ɗaya, wani baƙon harafi ya shigo.

Ni kaina ba na jin daɗin ba da shawarar a zubar da lanƙwasa, don ita ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. Amma saƙon da ya shafi magani ko lokacin asibiti, isarsa cikakke ya fi komai. Inda kika ga ma'ana za ta rikice, ki yi dabarar da masu tes suka daɗe suna yi, ki rubuta bak'i ko k'afa da miƙaƙƙiyar alama, wadda tana cikin jerin GSM.

Akwatunan kuwa laifin wayar Mama ne. Saƙon ya iso lafiya, sai dai wayar ba ta da zanen harafin a cikinta, sai ta ajiye akwati a gurbinsa. Wannan ba ya gyaruwa da saiti, kuma kwalin sabuwar waya ba zai gaya miki ko tana da haruffan ba. Ko an rubuta cewa wayar tana da Hausa a jerin harsunanta, wannan ba hujja ba ce, domin ana iya fassara menu ba tare da lanƙwasa ko ɗaya ba. Saboda haka gwaji ne kawai zai raba gardama. Ki tafi da layi, ki roƙi mai shago ya bari a sa shi a wayar, ki tura wannan daga taki:

```
ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ
```

In duk takwas sun fito, madalla. Sai ki tura dogon saƙon nan mai harafi 97 da lanƙwasarsa, ki ga ko zai buɗe a dunƙule. Mai shagon da ya hana wannan gwajin, ki gode masa ki ƙara gaba.

Sai girman fuska. Yawancin waɗannan wayoyi inci 1.77 ne ko 2.4. Ga babbar mace mai karatu, ki ɗauki 2.4, kuma ki duba ko akwai `Font size` a saitin saƙonni. Ki ƙara girman rubutun a nan take, ki miƙa hannunki nesa kamar yadda Mama ke riƙe waya, ki karanta. Idan wayarta ta yanzu tana da fuska mai faɗi kuma madannanta lafiya lau, ni dai da zan bar mata abarta da ta saba da ita, in gyara yadda nake rubutu.

Tambaya: Baba yana amfani da lambobin nan masu tauraro don duba kuɗi, amma kullum sai abin ya katse kafin ya gama. Wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Malam, da wuya a ce lalacewa ce. Wannan tsarin, USSD, ba kamar tes yake ba da zai zauna a akwati ya jira mutum. Kamar kira yake: layi a buɗe, agogo na tafiya, in an jinkirta amsa kamfani ya rufe, a koma farko. Shafi ɗaya ba ya wuce harafi 182, amma ko hakan ya fi ƙarfin ƙaramar fuska, sai zaɓi na 4 da na 5 su ɓuya a ƙasa har sai an gangara. Ga kuma wani abu: a wayoyi da yawa, da an danna `Reply` sai jerin ya ɓace, a bar mutum da farin fili, dole ya riƙe lambar a ka. A nan dattijo yake komawa baya ya sake karantawa, lokaci ya ƙare.

In za ka saya, ka buga lambar da Baba ke amfani da ita a kan wayar, ka ƙirga layi nawa ke fitowa ba tare da gangarawa ba, ka kuma lura ko jerin yana nan bayan ka danna amsa. Ka sani cewa babban rubutu yana rage yawan layukan, don haka a nan ma fuska mai inci 2.4 ta fi. Kafin nan, ku zauna tare ku bi matakan sau ɗaya, ka rubuta masa lambobin a jere da manyan baƙi a takarda, ya ajiye ta kusa da wayar. Lambar sirri kam kada ta shiga takardar. Ka riƙa duba masa lokaci-lokaci, domin kamfanoni sukan sauya jerin, abin da yake lamba 2 yau ya koma 3.