Ƙanwata za ta yi aure a Maiduguri: kwana nawa zan nema a wurin aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kakuri da ke Kaduna, daga Litinin zuwa Juma'a. Za a yi bikin ƙanwata a Maiduguri daga Alhamis 13 ga watan gobe zuwa Lahadi, kuma tun da mahaifinmu ya rasu ni ne babba a gida. Kwana huɗu suka rage mini a hutun shekara. Shugaban sashenmu ya ce mini da baki, "Ba komai, ka je." Wannan ya wadatar? Kuma kwanakin hanya suna cikin lissafi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanya alheri a auren.

Maganar baki ba ta wadatar ba, ko da shugaban naka mutum ne mai cika alkawari. A shekarun da na yi a sashen kula da ma'aikata, na ga yadda irin wannan izini yake ƙarewa: shugaba yana nufin Alhamis da Juma'a, ma'aikaci yana nufin mako guda, kowannensu kuma da zuciya ɗaya. Mai lissafin albashi bai ji abin da kuka faɗa ba, rajistar zuwa aiki kawai yake dubawa, kuma duk ranar da babu sa hannunka babu takardar izini, fashi ce a wurinsa. Daga nan ake yanke albashi ko a ba mutum takardar tuhuma.

Ya kamata ka san matsayinka a doka kafin ka rubuta komai. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikacin da ya yi wata 12 a jere yana aiki hutun aƙalla ranakun aiki shida da cikakken albashi. Dokar ba ta ware hutun biki ko na rasuwa ba, ba ta kuma ware kwanakin hanya ba. Duk abin da ya wuce wannan yana cikin takardar ɗaukarka aiki ko littafin ƙa'idojin kamfani, don haka ka buɗe su ka duba ko akwai hutun uzuri, kuma ko ana ƙirga hutu da ranakun aiki ne ko da ranakun kalanda. Ranar da ka wuni a mota rana ce ta hutu kamar kowace, sai dai idan ƙa'idar kamfaninku ta ce akasin haka.

Yanzu mu yi lissafin. Daga Kaduna zuwa Maiduguri ta Zariya, Kano, Azare, Potiskum da Damaturu kusan kilomita 800 ne, tafiyar wuni guda cur ga wanda ya yi sammako daga tashar Kawo. Ga shingayen bincike, ga jiran mota ta cika, kuma direbobi ba sa son bin tsakanin Damaturu da Maiduguri idan duhu ya yi, wanda ya makara yakan kwana a hanya. Saboda haka Laraba 12 ga wata ta tafi a tafiya. Alhamis da Juma'a na hidima ne, Asabar da Lahadi ba ranakun aikinku ba ne, Litinin 17 kuma ta dawowa ce. Ranakun aiki huɗu ke nan: Laraba, Alhamis, Juma'a da Litinin, daidai da abin da ya rage maka.

A takarda lissafin ya yi kyau, amma ban ba ka shawarar tsayawa a nan ba. Babban wa ba ya kama hanya da zarar an kai amarya, domin akwai sallamar baƙi, godiya ga waɗanda suka tsaya, da biyan masu rumfa da kujeru, kuma yawanci a kansa waɗannan suke faɗawa. Idan mota ta lalace a Potiskum ko ka rasa ta safe, Talata za ta riske ka a hanya alhali ka rubuta cewa kana ofis. Ka nemi Talata 18 tun yanzu, ka sa ranar komawa aiki Laraba 19. Ranakun aiki biyar ke nan, kwana bakwai a kalanda. Neman rana ɗaya tun daga Kaduna ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan roƙonta ta waya daga tasha, kuma idan Allah ya sa ka iso da wuri, babu mai hana ka zuwa aiki ranar Talata a mayar maka da ranarka.

Wannan rana ta biyar ita ce za ka ba su zaɓi a kanta: ko a cire ta daga hutunka na baɗi, ko a ɗauke ta a matsayin hutu ba albashi. Idan na biyun za a yi, ka tambayi yadda ake raba albashin wata. Misali, ga mai karɓar naira 150,000, idan an raba da kwana 30 za a cire 5,000, idan kuma da ranakun aiki 22 ne, abin zai kai kusan 6,800. Gara ka sani kafin ƙarshen wata.

Takardar kanta kada ta wuce rabin shafi, ko ka rubuta ta da hannunka ko ka cike fom. Zuciyarta ita ce wannan: "Ina neman hutun ranakun aiki biyar, daga Laraba 12 zuwa Talata 18 ga wata, don auren ƙanwata a Maiduguri. Biyu daga ciki na hanya ne. Ina roƙon a cire huɗu daga hutuna na bana, ta biyar kuma daga na baɗi ko ba albashi. Zan dawo bakin aiki Laraba 19." Ka ƙara sunan abokin aikin da zai riƙe maka aiki bayan ka nemi yardarsa, da lambar da za a same ka, ka haɗa da katin gayyata. Ambaton ranar dawowa shi ne abin da mutane suka fi mantawa, kuma shi ne abin da manaja yake fara nema da ido. Ka miƙa ta mako uku ko huɗu kafin tafiya, ta hannun shugaban sashenku zuwa ofishin kula da ma'aikata, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu da kwanan wata. Miƙa takarda daban, amincewa daban: idan saura mako guda ba ka ga sa hannu ba, ka bi sawu da ƙafarka.

Idan suka ce biyar ta yi yawa, ka sadaukar da farkon bikin, kada ka taɓa ranakun dawowa. Ka yi aiki Laraba, ka tafi Alhamis, ka rasa kamu wanda dama sha'anin mata ne, ka samu ɗaurin aure ranar Juma'a inda ake buƙatarka. Ranaku huɗunka sun ishe ka ke nan har da Talata.

Idan kuwa wata rana rasuwa ce ta taso ba biki ba, ita ba ta jiran takarda, domin a wurinmu Musulmi akan yi jana'iza cikin sa'o'i kaɗan. A nan sai a kira shugaba kafin a shiga mota, a bi kiran da rubutaccen saƙo mai ɗauke da wanda ya rasu, dangantakarku, garin da za a je da ranar dawowa, a ƙirga kwana ukun zaman makoki da kwana biyun hanya. Idan dangi suka riƙe mutum har addu'ar bakwai, ya sake rubuto saƙo kafin ranar da ya ɗauka ta cika, ya jira amsa, sannan ya cike fom ɗin hutu a ranar farko da ya dawo ofis.