Me ya sa kalmomin yayi ba sa daɗewa?

Tambaya: Yaya, samarin Gusau kullum da sabuwar kalma. Ina tsofaffin suke tafiya?

Ƙanena, ɗauki "ya haɗu". Da farko sai abin da ya ƙayatar ƙwarai ake gaya wa haka. Yau mai shayi a Tudun Wada zai ce shayinsa ya haɗu, ko da ruwan bunu ne. Kalmar da ake liƙa wa komai ta daina bambance komai, kamar wuƙar da aka yanka kowane abu da ita har ta dakushe.

Sannan samari na son maganar da manya ba su gane ba. Ranar da na ji kawuna ya ce "ba ka da kyau" yana yabon wani, na san yaran unguwarmu sun fara neman wata.