Sau nawa zan tuna wa kwastoma kafin ranar da muka ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kitso da lalle a Kano, ni da yara biyu muke aiki. A mako ina ajiye wa mutum kamar 30 lokaci, amma sai bakwai su ƙi zuwa, babu kira babu saƙo, alhali na kori wasu saboda su. Aiki ɗaya yana kai naira 5,000, na amare kuwa ya fi haka nesa. Yanzu da safiyar ranar nake tura musu saƙo. Ƙanina ya ce in riƙa turawa kullum har ranar ta zo, ni kuma ina tsoron kada in gundure su. Sau nawa ya kamata in tuna musu, kuma yaushe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Tsoronki yana kan hanya, kada ki bi shawarar turawa kullum. Ga yawancin aikinki tuni biyu sun isa, na amarya kuma uku. Amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne lokacin da tuni na farko yake fita, kuma a nan ne kuɗinki yake zubewa.

Saƙon safiyar ranar mutum ɗaya kawai yake kamawa, wato wadda ta manta amma tana da sarari. Wadda baƙi suka sauka mata, ko kuɗin da take jira bai shigo ba, ko maigida bai san da fitar ba, tun jiya ta san ba za ta zo ba. Kunya ce ta hana ta faɗa miki. Idan saƙonki ya same ta da ƙarfe takwas na safe, aikin kuma na ƙarfe goma ne, ko da ta daure ta ce miki ba za ta samu dama ba, sa'a biyu ba za su ishe ki nemo wata ba. Kujera ta zauna a banza, yaranki suna zaune, kuɗin haya yana tafiya. Mutum bakwai a naira 5,000 naira 35,000 ke nan a mako, 140,000 a makonni huɗu. Saboda haka aikin tuni na farko shi ne ya fito da "ba zan zo ba" da wuri, tun kina da lokacin sayar wa wata wannan gurbin.

Da wannan za ki auna tazarar. Ki tambayi kanki: idan wata ta fasa, sa'a nawa nake buƙata kafin in cike wurinta? A kitso da lalle na yau da gobe, kwana ɗaya ya isa, in dai kina da sunayen masu jira. To sai tuni na farko ya fita ana gobe ranar, kuma ni na fi son tsakanin Azahar da La'asar. Dalilina na cikin gida ne. Matar da saƙo ya same ta da rana tana da yammaci ta yi tsifa ta wanke kai, tana da dare ta sanar da maigida ta kuma shirya wanda zai zauna da yara. Ke kuma in ta ce ta fasa, kina da daga La'asar zuwa Isha ki kira wata. Idan kika bari sai ƙarfe goma na dare, kin rasa duka biyun, ga shi saƙon kasuwanci a wannan lokacin ba kowane gida ne yake masa kallon mutunci ba.

Tuni na biyu gajere ne, sa'a biyu zuwa uku kafin lokacin. Wannan don ta tashi ta kimtsa ne, ta ƙarasa girki, ta samu adaidaita sahu. Wadda za ta taso daga nesa ki ba ta ukun cif. Idan aikin na sassafe ne, kamar ƙarfe takwas, kada ki tura da asuba, ki mayar da shi bayan Magariba na daren jiya, na farkon kuma ki matso da shi safiyar jiya.

Adadin kuma yana bin nisan da ke tsakanin ranar da aka yi magana da ranar aiki. Wadda ta kira ki yau Talata kuka ajiye gobe Laraba ba ta manta ba tukuna, tuni ɗaya na sa'a uku ya wadatar. Daga kwana uku zuwa mako biyu, biyun nan da na faɗa. Abin da ya wuce mako biyu, ki ƙara ɗaya a gaba. Ban lissafa saƙon da za ki tura nan take bayan kun gama magana ba, mai ɗauke da rana, lokaci da kuɗi. Shi wannan shaida ce, domin yawancin "ai ni na zaci Alhamis muka ce" daga maganar baka suke fitowa.

Amarya lissafinta daban, don ita yini guda take cinye miki, kuma ba a cike gurbin yini guda a cikin dare ɗaya. A ce an kama miki ranar Laraba, wata guda kafin biki. Ki yi tuni na farko saura mako ɗaya, kuma da kira, ba saƙo ba. Biki ana ɗaga shi, wani lokaci a sauya ranar kamu, kuma a cikin wannan hidima mai lalle ce ta ƙarshe da ake tunawa a sanar. Na biyu ranar Litinin, saura kwana biyu, ki tabbatar da lokaci da yawan ƙawayen da za a yi wa, don ki san lallen da za ki kwaɓa da hannun da za ki ƙara. Na uku da safiyar Laraba. Tun ranar farko ki karɓi lamba biyu, ta amarya da ta wadda take riƙe da hidimar, yayarta ce ko gwaggonta. A makon biki wayar amarya sau da yawa tana hannun wani, ko tana kashe.

Abin da ya sa na ce kada ki wuce haka: saƙon da yake zuwa kullum ido yana saba masa, a daina buɗe shi. Ranar da kika tura wanda kike buƙatar amsarsa, shi ma sai a wuce shi kamar sauran. Sannan akwai wadda za ta ji kamar kina bin ta bashi, ta zo wannan karon amma ba za ta sake dawowa ba.

Yanzu ga abin da za ki rubuta, domin tuni da bai nemi amsa ba rabin aiki ne. Misali: "Salam Hajiya, gobe Laraba karfe 10 na safe muna jiranki don kitso. Ki amsa da 1 in za ki zo, ko 2 in a canza rana, ba komai." Wannan "ba komai" ɗin yana da aiki, shi ne yake cire mata kunyar cewa ta fasa. Kin ga kuma na rubuta "karfe" ba tare da lanƙwasa ba. Da gangan ne: saƙon tes yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ya shiga, sai ya koma 70, a caje ki kuɗin saƙo biyu. A WhatsApp babu wannan matsalar, sai dai can ki duba alamar da ke ƙasan saƙon. In guda ɗaya ce, bai isa wayarta ba, wataƙila ba ta da data, kada ki ɗauka kin tuna mata. Kuma ki tura wa kowa nata daban da sunanta, don saƙon da ake watsa wa jama'a a WhatsApp ba ya isa ga wadda ba ta ajiye lambarki ba. Wadda karatu yake ba ta wahala ki yi mata saƙon murya na daƙiƙa goma sha biyar.

Idan amsar ta zo da "in sha Allah" kawai, ki karɓa da kyau, sannan ki ƙara da tambayar da sai mai niyyar zuwa ce take da amsarta: shuku za a yi ko zane, kin yi tsifa? Mai zuwa za ta ba ki amsa nan take. Wadda ta yi shiru ga tuni na farko kuwa, kada ki sake tura mata saƙo, kira ɗaya za ki yi bayan La'asar. Ba sai kin kira mutum talatin ba. A shekarar 2013 ƙungiyar Cochrane, mai nazarin binciken lafiya, ta tattara binciken da aka yi a kan masu zuwa ganin likita: waɗanda ba a tuna musu ba kusan 68 cikin ɗari suka halarta, waɗanda aka tura wa saƙo kusan 79, waɗanda aka kira kusan 80. Asibiti ba shago ba ne, amma abin da za ki ɗauka a ciki shi ne saƙo da kira kusan ƙarfinsu ɗaya, don haka ki ajiye katinki na kira ga masu shiru. Ki kuma lura cewa ko da tuni, kusan mutum ɗaya cikin biyar bai zo ba. Kada ki sa rai bakwai ɗinki za su koma sifili.

Ga yadda ribar take iya fitowa. A ce cikin bakwai ɗin nan, biyu mantuwa ce, tuni ya kawo su: naira 10,000. Uku suka faɗa miki tun jiya ba za su zo ba, kika cike gurbi biyu daga masu jira: wata 10,000. Saura uku kika rasa maimakon bakwai. Rabin wannan kuɗin bai fito daga tuni ba, daga jerin masu jira ya fito. Saboda haka duk wadda kika ce wa babu wuri, ki rubuta sunanta da lambarta, ki tambaye ta ko za ta iya zuwa in an kira ta ana gobe. Musamman makon Sallah, lokacin da kowace kujera take da masu nema uku.

Don ki san ko tsarin yana aiki, ki ja layi a littafinki na tsawon makonni huɗu: suna, ranar da aka yi magana, ta amsa ko ba ta amsa ba, ta zo, ta fasa da wuri, ko ta ɓace. Kada ki firgita in kika ga masu fasawa sun ƙaru a makon farko, waɗanda da suke ɓacewa shiru ne suka fara magana. Idan masu fasawa suna faɗa miki a makare har ba kya iya cike wurin, ki matso da tuni na farko zuwa saura kwana biyu. Idan kuma kika ga sunaye biyu ko uku ne suke maimaituwa a layin ɓacewa, waɗannan ba mantuwa ce take damunsu ba, kuma ƙarin saƙo ba zai gyara ba. Su ki nemi kafin alƙalami, kamar naira 1,500 a aikin 5,000, wanda za ki mayar ko ki ɗaga zuwa wata rana in an sanar da ke ana gobe. Amare kuwa kada ki rubuta ranar kowace a littafi sai kuɗin ya shigo, kuma ki faɗi sharaɗin mayarwa a saƙon farko, tun kafin a kai ga saɓani.