Hukuncin Takardar Ɗaukar Aiki Da Ba Ta Faɗi Albashin Gwaji Ba

Tambaya: Malam, wata makarantar kuɗi a Jos ta ba ni takardar ɗaukar aiki. An rubuta zan yi gwajin wata shida, albashi kuwa "za a tattauna daga baya". Suna iya sallamata ko yaushe, ni kuma sai na ba da notis na wata uku. Ya halatta in sa hannu?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, kada ka sa hannu sai an gyara ta.

Aikin albashi ijara ne, kuma sharaɗin ingancin ijara a san aikin, a san ladan, a san lokacin. Duba Suratul Ƙasas, aya ta 27: an yanka wa Annabi Musa (AS) aikin shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Shi gwaji ba laifi ba ne, mai makaranta yana da haƙƙin ya ga iyawarka a aji, kai ma ka ga halinsa wajen biya. Inda ɓarnar take shi ne albashin da aka bari a duhu. Wannan jahala ce, wato rashin sanin lada, mai ɓata ƙullin yarjejeniya, kuma da a ce ka riga ka fara, malamanmu na Malikiyya sun ce ladan da ake ba irinka a garin shi za a biya ka.

To a rubuta adadin da lamba, misali naira 80,000 lokacin gwaji, 100,000 bayan tabbatarwa, da ranar biya, da abin da za a cire na haraji da fansho. A sa ranar farawa da ranar ƙarewar gwajin, a kuma faɗi matsayinka idan ranar ta wuce ba a ce maka komai ba. Nan ne ake yawan cutar matasa, mutum ya shekara biyu ana ce masa har yanzu gwaji yake.

Batun notis, Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 11, ta sa mafi ƙaranci ga ma'aikatan da ta shafa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan. Ka nemi a daidaita muku, mako biyu a gwaji, wata ɗaya bayansa, ko a biya kuɗin kwanakin a madadinsa. Wannan ya kare mai makaranta ma, don malami ba zai watsar da ɗalibai ana gab da jarrabawa ba. Kuma notis ɗin ya hau kanka, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu kamar yadda hadisi ya zo. In ka tafi ba notis, a cire kuɗin kwanakin notis kawai. Riƙe sauran guminka zalunci ne.

Kowa ya riƙe kwafinsa mai sa hannun ɓangarorin biyu. Wallahu a'alam.