Gargaɗin “Your connection is not private”: yaushe ake iya wucewa?

Tambaya: Malam, wani lokaci in na buɗe shafi a Chrome sai ya tsaya, ya nuna min jar alama da rubutu cewa “Your connection is not private”. An shiga wayata ne? Kuma in na danna na wuce, akwai matsala?

Amsa: Kwantar da hankalinka, wannan saƙon ba shaida ba ce cewa an shiga wayarka. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida, wato satifiket, da yake miƙa wa burauza kafin su fara musayar bayanai. Burauza tana duba ko takardar tana ɗauke da sunan shafin da ka nema, ko wa'adinta bai ƙare ba, da kuma ko hukumar da ta sa mata hannu tana cikin waɗanda aka amince da su. In ɗaya ya kuskure, sai ta tsayar da kai, domin ba ta da tabbacin cewa da ainihin shafin kake magana.

Kada ka tsaya a kan babban rubutun. A ƙarƙashinsa akwai ɗan layi da manyan baƙaƙe, shi ne ke faɗa maka takamaiman abin da ya faru.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi cin karo da su shi ne NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, matsalar kwanan wata. Fara duba agogon wayarka ko kwamfutarka. Na'urar da ta daɗe a kashe takan farka da tsohuwar shekara, sai ta ga kamar lokacin takardar bai ma zo ba. Alamar ita ce kusan kowane shafi zai ƙi buɗewa. Ka saita agogo ya riƙa daidaita kansa, ka sake loda shafin, shi ke nan.

To, a ce agogonka daidai yake, yau 3 ga Yuni, kuma shafi ɗaya ne kawai yake ƙi. Danna alamar gargaɗin da ke gefen adireshi ka buɗe bayanin takardar. Sai ka ga sunan shafin daidai, Let's Encrypt ce ta bayar ranar 3 ga Maris, ta ƙare 1 ga Yuni. Kwana 90 ke nan, wa'adin da wannan hukuma ta saba bayarwa. Abin da ya fi kama da gaskiya a nan shi ne mai shafin ya yi sakaci bai sabunta ba. In labari kawai za ka karanta, kana iya danna Advanced sannan Proceed, haɗarin kaɗan ne. Amma kada ka rubuta kalmar sirri, kada ka sa lambar kati, kada ka sauke manhaja. Ni dai in shafin na buƙatar in shiga da sunana, nakan jira su gyara.

NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID ya fi wancan nauyi. Burauza ba ta san wanda ya sa wa takardar hannu ba, kuma irin wannan takardar ce mai tare hanya yake ƙirƙira don ya zauna tsakaninka da shafin yana karanta abin da kake turawa. Wurin da nake yarda a wuce shi ne na'urar da ke hannunka, kamar shafin saita rawutar gidanka a 192.168.1.1, domin irin waɗannan na'urori su ke sa wa kansu hannu. A shafin banki ko imel kuwa, koma baya kawai.

Shi kuma NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID yana nufin takardar ta wani suna ce daban. Yana yawan fitowa a wayfai na otal ko filin jirgi, inda ake karkatar da kai zuwa shafin shiga kafin a ba ka intanet. Buɗe neverssl.com, shafin shigar zai bayyana, ka kammala, sannan ka koma inda ka nufa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama: kashe wayfai ka buɗe shafin da data. In ya buɗe lafiya, matsalar tana kan wayfai ɗin, kada ka ƙara yin wani abu mai muhimmanci a kansa. In gargaɗin bai tafi ba, gwada da wata wayar. Ita ma in ta nuna shi, laifin na shafin ne.

Wani lokaci za ka danna Advanced ka tarar babu Proceed sam. Ba lalacewa ba ce. Masu shafin ne suka kunna tsarin HSTS, wanda ke umartar burauza kada ta bar kowa ya wuce in takarda ta samu matsala. Manyan shafuka irin su Gmail haka suke. In ka ga haka, canza layin intanet ko ka dawo an jima.